Shawara Kan Karanta Sakamakon Multiple Linear Regression Na Makin Jarrabawa

Ga masu nazarin makin jarrabawa, a ɗauka misali lissafin multiple linear regression, wato hasashen maki daga abubuwa fiye da ɗaya, ya ba da wannan, inda awa ke nufin awannin karatu a mako, halarta kuma kason halartar aji cikin ɗari:

```
maki = 30 + 2.5*awa + 0.3*halarta
R² = 0.45
```

Ma'anar 2.5 ita ce, idan aka kwatanta ɗalibai biyu da halartar ajinsu ɗaya ce, wanda ya fi ɗan'uwansa awa ɗaya na karatu a mako ana sa ran ya fi shi da maki biyu da rabi, a matsakaici. Wannan sharaɗi na cewa halartarsu ɗaya ce shi ne ake yawan mantawa, alhali da za a cire halarta daga lissafin, adadin zai iya hawa, domin mai yawan karatu galibi shi ne mai yawan zuwa aji.

Kada a ce awa ta fi halarta tasiri don 2.5 ya fi 0.3, tunda ma'auninsu ya bambanta. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari na halarta yana zuwa da maki 3.

Shi kuwa R² na 0.45 yana nufin abubuwan biyu sun bayyana kashi 45 cikin ɗari na bambancin maki tsakanin ɗalibai, ba ya nuna cewa karatun ne sanadi. Kuma duk abin da aka ƙara a lissafin, ko da lambar kujerar ɗalibi ce, R² ba ya raguwa, saboda haka a duba adjusted R², wato R² da aka gyara bisa yawan abubuwan da ke cikin lissafin, kafin a yarda cewa ƙarin ya yi amfani.