Kurakuran da ke ɓata shafukan farko na dogon rahoto a Word

Rahoto mai shafi 80, babi biyar, an danna References > Table of Contents, sai Word ya rubuto "No table of contents entries found." Dalili ɗaya ne: an ƙara wa kanun babi girma da kauri da hannu kawai. A idonka kanu ne, amma Word ba ya duba girman rubutu, salon da aka ɗora wa layi yake bi. Sa alamar rubutu a kan "Babi Na Ɗaya" ka danna Ctrl+Alt+1, ya zama Heading 1. Ƙananan kanu irin su 1.1 kuma Ctrl+Alt+2. Idan launin shuɗin bai yi maka ba, kada ka bi kanu ɗaya-ɗaya kana gyarawa. Danna dama a kan Heading 1, zaɓi Modify, ka sauya sau ɗaya, duk su bi. Kafin ka saka jerin abubuwan da ke ciki, buɗe View > Navigation Pane. Kanun da bai fito a nan ba, galibi ba zai fito can ba.

Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi ban haushi: sakin layi guda cur ya faɗo cikin jerin. Galibi an raba kanu da bayaninsa da Shift+Enter ne, sai Word ya ɗauke su abu ɗaya. Danna Ctrl+Shift+8 ka ga alamomin ɓoye, goge lanƙwasasshiyar kibiyar, danna Enter, sannan ka mayar da bayanin Normal da Ctrl+Shift+N.

Bango kuwa, kada ka ba sunan rahoton Heading 1, in ba haka ba zai zauna a saman jerin kamar wani babi. Title ne nasa. Kuma a daina danna Enter sau ashirin don tura rubutu shafi na gaba. Layi ɗaya aka ƙara, komai ya goce. Saka Layout > Breaks > Next Page bayan bango, da wani kafin babi na ɗaya, sai rahoton ya rabu sashe uku. Shiga ƙasan shafin sashe na biyu, kashe Link to Previous, kafin ka goge lambar bango, don kada ta tafi da sauran. A Format Page Numbers ka ba shafukan farko i, ii, iii, babi na ɗaya kuma Start at 1.

Jerin gajerun kalmomi ba ya haɗa kansa daga kanu, kai za ka rubuta. Kanunsa kawai ke samun Heading 1. Maimakon jera NAFDAC da ECOWAS da tazarar hannu, yi tebur mai ginshiƙi biyu, cire layukansa, ka yi Sort su bi haruffa.

Kafin ka kai wa mai bugawa, danna cikin jerin abubuwan da ke ciki, F9, zaɓi Update entire table. Update page numbers only lambobi kaɗai yake gyarawa, kanun da ka sauya jiya zai zauna da tsohon sunansa.