Yadda ake haɗa katalog na kayan sari a PDF mara nauyi da zai buɗe nan take a waya

Wanda zai buɗe katalog ɗinka fa ba a gaban ordinater yake ba, mai butik ne a Tanout ko Magaria, rezo na zuwa na tafiya, megansa kuma ƙirga su yake. Na farkon da na haɗa ma wani mai sarin takalma a kasuwar Dole ta Damagaram sai da ya wuce mega 100, wallahi kiliyan ko biyar ba su sauke shi ba, kuma laifin hotuna ne.

Don haka ka fara da hoto. Ka ɗora kayan bisa farin ƙyalle, a inuwa da hantsi, ka ɗauki kowanne shi kaɗai. Hoton waya guda yana kai mega 3, to in kaya 40 ne ka ga 120 ke nan. Tun kafin ka sa su a Word ka rage faɗin kowanne zuwa fiksel 800, ka aje shi JPEG da inganci 70, zai dawo wajen kilo 80, duka arba'in ɗin mega 3 da 'yan kai. Ka kiyaye nan wurin, jan kusurwar hoto cikin Word ya ƙanƙance bai rage nauyinsa, ido kawai ya ga ƙarami, fayil ɗin na ɗauke da babban. In ba ka da manhajar ragewa, tura ma kanka hotunan ta WhatsApp ba tare da HD ba, ka sake sauke su, ya matse maka su.

Sai shafi. Kar ka bar shi A4, don a waya rubutun kamar tururuwa yake fitowa mutum ya yi ta ja da yatsu har ya gaji. Ka sa faɗi santimita 9, tsawo 16, kaya biyu a shafi. Ƙarƙashin kowane hoto lambar kaya, suna, guda nawa ne a katan, kuɗin dozin da na katan. Lambar nan ni ita na fi so, mai saye ya ce a ba shi T14 katan uku, magana ta ƙare. Kuɗi kuma rubuta shi da sefa, 12.500 F, ka bar lissafin dala da jika a baki. Kuma ka buga rubutun da kanka, kar ka manna shi cikin hoto, ya fi sauƙin nauyi kuma ana iya neman suna a ciki.

Wajen ajiyewa ka zaɓi PDF, ka danna Taille minimale (publication en ligne). In ya haura mega 5, wani hoto ya kuɓuce maka, koma ka nemo shi. Ka sa watan da ake ciki a sunan fayil tunda farashin kayan Kano na bin canjin naira, sannan ka gwada buɗe shi a tsohuwar wayar yaron shago kafin ka tura ma kowa.