Agogon Indiya, Iran da Nepal: inda lissafin rabin awa ke ɓata mana

Ɗan kasuwar Maraɗi da ya saba kiran Dubai ko Guangzhou ya san abin da zai yi: ya ƙara awa 3 ko awa 7 a kan agogonsa, minti kuwa bai taɓa shi ba. Wannan sabon ne ke kai shi ƙasa ranar da harka ta haɗa shi da Indiya. Ƙarfe 9:00 na safe a Maraɗi, ƙarfe 1:30 ne na rana a Delhi. A Tehran 11:30 ne, a Kabul 12:30, a Kathmandu kuwa biyu saura kwata.

Kuskure na farko a fahimta yake. Mutane da yawa na zaton waɗannan ƙasashe sun kauce wa wata doka ta duniya ne. Babu dokar da ta wajabta wa kowa cikakkiyar awa. Taron Washington na 1884 ya amince a riƙa ƙirga layukan tsaye na taswira daga Greenwich da ke Landan, amma bai yanka wa kowace ƙasa agogonta ba. Kowace gwamnati ita ke zaɓa. Abin da ba ya canzawa shi ne juyin duniya: digiri 360 a awa 24, wato digiri 15 a awa guda, ko minti 4 a kowane digiri. Ƙasar da tsakiyarta ya faɗo kusa da digiri 15, 30 ko 45 tana samun cikakkiyar awa ba wahala. Wadda ta faɗo tsakanin layuka biyu kuwa, ko dai ta jingina da ɗaya agogonta ya rabu da rana, ko ta raba awar biyu.

Ba sai mun yi nisa ba. Maraɗi na kan digiri 7 da ɗan kai gabas da Greenwich. Bakwai sau huɗu, minti 28. Agogon Nijar kuwa `UTC+1` ne, awa guda gaba da Greenwich, wato na layin digiri 15 da ke can gabas wajen iyakar Chadi. Shi ya sa rana ba ta yin tsaka a nan da sha biyu daidai. Sai wajen sha biyu da rabi take take tsaka, da ɗan gaba ko baya na kusan kwata gwargwadon watan da ake ciki. Duk ladanin da ke duba inuwa ya san haka. Da ranar Maraɗi aka bi wajen saita agogon ƙasa, da mu ma muna cikin masu rabin awa. Maƙwabtanmu ma sun taɓa yi: Najeriya ta zauna a kan rabin awa gaba da Greenwich daga 1914 zuwa 1919.

Indiya wannan hanyar ta bi. Ƙasar ta miƙe daga wajen digiri 68 zuwa 97, kusan awa biyu na tafiyar rana, kuma ana son agogo ɗaya domin jirgin ƙasa da gidan waya. Sai aka ɗauki layin digiri 82.5 da ya ratsa kusa da Mirzapur. Ninka shi da 4, ka sami minti 330, awa 5 da rabi ke nan. An fara aiki da shi a 1906, ko da yake Calcutta da Bombay sun riƙe nasu agogon har bayan samun mulkin kai. Iran ta ɗauki digiri 52.5, ya ba ta awa 3 da rabi. Nepal ta koma kan awa 5 da minti 45 a 1986, bisa layin digiri 86.25 da ke kusa da dutsen Gaurishankar, abin da ya sa ta gaba da Indiya da kwata guda.

Sai babban kuskuren, wanda ke cin kuɗi: ɗaukar awa kamar tana da minti ɗari. A ce likita a Delhi ya ba majinyaci ganawa ta bidiyo ƙarfe 10:15 na safe agogonsu. Tazararmu da su awa 4 da minti 30 ce, tunda su `UTC+5:30` ne mu `UTC+1`. Wanda ya danna 10.15 − 4.30 a kalkuleta zai ga 5.85, lokacin da babu shi a agogo. Wani sai ya karanta shi shida da minti 25, ya zo bayan an tashi. Gyaran shi ne a cire awa daban, minti daban. Cire awa 4 daga 10:15, saura 6:15. Koma baya da minti 30, ka sami 5:45 na asuba. Idan aro ya kama, sittin ake arowa, ba ɗari ba. Alamar da za ta nuna maka ka yi daidai: in mintin Indiya 15 ne, naka 45 ne, in nasu 00 ne, naka 30. Duk amsar da minti ya fito iri ɗaya a ɓangarorin biyu, ba daidai ba ce.

Wannan ciwon yana bin masu Excel. Awa huɗu da rabi a lissafin ɗigo 4.5 ce, ba 4.30 ba. Wanda ya rubuta 4.30 ya ƙara awa 4 da minti 18 ne kawai, ya zubar da minti 12. Na Nepal ya fi muni: 4.45 na ba da awa 4 da minti 27 maimakon 45. Kuskuren ƙarami ne, shi ya sa yake daɗewa ba a gano shi ba. Gara a bar wa na'ura ta haɗa awa da minti da kanta. A Excel na Faransanci, idan lokacin Maraɗi na cikin `A1`:

```
=A1+TEMPS(4;30;0)
```

Tikitin jirgi ma na rikita mutane, domin kowane lokaci da ke kansa agogon garin ne. A ce jirgi ya tashi Addis Ababa 22:40 ya sauka Delhi 07:40. Ido zai ce awa 9 ce. Habasha `UTC+3` ce, tazararta da Indiya awa 2 da rabi, don haka zaman jirgin awa 6 da rabi ne. Mai jiran kiran sauka a Maraɗi ya sa ran 3:10 na dare.

Da sauka, sai kuskuren agogon hannu: a juya awa, a manta minti. A salula kuma wasu kan gyara lokacin da hannu su bar yankin a kan Yamai, sai saƙonni da tunatarwa su riƙa zuwa a karkace. Yankin ake canzawa, a zaɓi `Asia/Kolkata` ko `Asia/Kathmandu`, ko a bar wayar ta ɗauka daga layin sadarwa. A kula kuma da harufan `IST`: Indiya, Isra'ila da Ireland duk suna amfani da su, saboda haka a nemi a rubuta sunan gari.

Saura dogaro da tsohon sani. Venezuela ta ja agogonta baya da rabin awa a 2007, ta mayar a 2016. Koriya ta Arewa ta yi haka a 2015, ta janye a 2018. Iran kan ƙara awa guda da bazara a da, ta daina bayan 2022, don haka tazarar Maraɗi da Tehran yanzu awa 2 da rabi ce duk shekara. Wanda ya haddace awa 3 da rabi tun lokacin da yake kiran wani ɗalibi a birnin Kum na Iran, da kuma wayar da ta daɗe ba a sabunta manhajarta ba, duka biyun za su ba da amsa ɗaya da bazara, kuma za ta kauce da awa guda.