Yadda injiniya matashi mai aiki a ƙasar waje zai rubuta taƙaitaccen bayaninsa a LinkedIn

Sashen da ake kira About a shafin LinkedIn yana ɗaukar haruffa 2,600, amma layuka uku ko makamancin haka ne kawai suke bayyana kafin mai karatu ya danna don ganin sauran. Wanda zai karanta kuma galibi jami'in ɗaukar ma'aikata ne ko shugaban sashe a ƙasar da kake zaune, wanda bai san jami'ar da ka yi ba, bai san kamfanin da ka fara aiki a gida ba, kuma ba shi da lokacin bincikawa. Saboda haka aikin wannan sashe shi ne ya mayar da abin da ka yi a gida da wanda kake yi yanzu zuwa abin da baƙo zai iya aunawa da ma'aunin da ya saba da shi.

Bari mu ɗauki misalin injiniyan lantarki da ya gama digiri a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi bautar ƙasa, ya shekara biyu yana girka wutar sola a ƙauyuka, sannan ya samu aiki a Jamus a kamfanin da ke zana tashoshin sola. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, kowa zai sa nasa.

Mataki na farko ana yin sa ne kafin a rubuta ko da kalma ɗaya. Ka nemo tallace-tallacen aiki biyar ko shida na irin muƙamin da kake son samu nan gaba a ƙasar, ka ja layi a ƙarƙashin sunayen manhajoji da ƙa'idojin aiki da suke maimaituwa. Injiniyanmu zai tarar da PVsyst da AutoCAD suna ta dawowa, tare da VDE-AR-N 4110, wato ƙa'idar da Jamus ke bi wajen haɗa tasha da layin wuta mai matsakaicin ƙarfi. Masu neman ma'aikata da irin waɗannan sunaye suke bincike, don haka wanda ya rubuta "manhajar zanen sola" maimakon PVsyst zai iya ɓacewa daga sakamakon binciken duk da ya iya aikin. Sai dai kada ka sa sunan abin da ka taɓa buɗewa sau ɗaya kawai, domin a kansa za a tsare ka da tambaya ranar ganawa.

Daga nan sai layukan farko, kuma a nan al'adarmu ta rubutu takan ja mu baya. Mun saba buɗe wasiƙa da gaisuwa da godiya da tarihin makaranta tun daga sakandare, wanda duk abu ne mai kyau a muhallinsa, amma a nan yana cinye wurin da mai karatu yake gani. Jimlar farko ta faɗi fanninka, da irin aikin da ke hannunka yanzu, da garin da kake. Da Hausa ma'anarta za ta zama kamar haka: "Ina zana ɓangaren lantarki na tashoshin sola masu ƙarfin megawat 5 zuwa 20 a kudancin Jamus, tun daga lissafin wutar da tasha za ta bayar a PVsyst har zuwa takardun haɗa ta da babban layi." Ka rubuta da bakinka, kana cewa "ina yi" da "na yi", domin bayanin da mutum yake kiran kansa da suna kamar wani ne ya rubuta masa yana da nauyin karatu.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi buƙatar natsuwa, wato bayanin aikin da ka yi a gida. Matasa da yawa sukan ɓoye shi don suna ganin ba za a daraja shi ba, wasu kuma sukan rubuta sunan kamfanin kawai su wuce. A ganina duka biyun asara ce. Mai karatu a Munich ba zai gane sunan kamfanin ba, amma zai gane girman aikin da wahalarsa idan aka faɗa masa. Injiniyanmu zai ce ya girka ƙananan tashoshin sola guda uku masu batir, kowace mai kilowat 60 zuwa 100, a ƙauyukan da ba su da wutar gwamnati, kuma shi ne ya yi gwajin ƙarshe kafin a kunna su. Zai iya ƙara cewa ya koyi yadda zafi da ƙurar hunturu ke rage wutar da faifan sola ke bayarwa, ilimin da yake da amfani ga kamfanin da ke da ayyuka a Afirka ko Gabas ta Tsakiya. Idan zai ambaci NYSC, to ya bayyana shi a matsayin shekara guda ta bautar ƙasa da aka wajabta wa masu digiri a Najeriya, ya faɗi aikin da ya yi a cikinta. Ya kuma rarrabe abin da ya yi da hannunsa da abin da ƙungiyarsu ta yi, domin injiniya mai shekara uku a aiki da ya ce shi ya jagoranci tasha mai megawat 50 zai sa a yi shakkar sauran bayanin nasa.

Sai batun laƙabi. A Najeriya wanda hukumar COREN ta yi wa rajista ne ke sa Engr. a gaban sunansa, amma rajistar ba ta bin mutum kai tsaye zuwa wata ƙasa. A Jamus doka ce ke kare laƙabin Ingenieur, kuma mai digirin waje sai ya samu amincewar hukumar da abin ya shafa a jihar da yake kafin ya yi amfani da shi. A Kanada haka P.Eng. yake, a Birtaniya kuma CEng na waɗanda Engineering Council ta yi wa rajista ne. Hanya mafi aminci ita ce ka faɗi matsayinka yadda yake: kana da rajistar COREN a Najeriya, takardunka kuma suna gaban hukumar ƙasar da kake, ko an riga an amince da su.

Harshe ma a faɗe shi da ma'auni. "Ina jin Jamusanci" ba ya gaya wa kowa ko za ka iya zama taro da ɗan kwangila, amma B1 ko B2 na ma'aunin harsuna na Turai suna yin hakan. Idan ayyukan da kake nema da Jamusanci ake tallata su, LinkedIn yana ba da damar ƙara shafin a harshe na biyu, kuma ya kamata wani ɗan ƙasar da ya san fannin ya duba maka shi.

Kafin ka wallafa, ka koma kan yarjejeniyar aikinka ka duba sharaɗin sirri. Sunan abokin ciniki, da wurin tashar da ba a sanar ba tukuna, da kuɗin kwangila, duk suna iya jawo maka matsala, alhali girman aikin da nau'insa sun wadatar. Haka nan idan izinin zamanka yana ɗaure da aikin da kake yi, kada ka rubuta a wannan sashe cewa kana neman wani aiki, domin shugabanka ma yana iya karantawa. Akwai zaɓin Open to Work da ake taƙaitawa ga masu ɗaukar ma'aikata kaɗai, ko da yake shi kansa LinkedIn bai ba da tabbacin cewa na kamfaninka ba za su gani ba. Jimla ɗaya a ƙarshe da ke faɗin ɓangaren da kake son zurfafawa, misali ajiyar wuta a manyan batura, ta isa ta nuna inda ka dosa.

Idan ka gama, ka buɗe shafin a waya ka ga inda rubutun ya yanke, sannan ka ba wani abokin aiki da bai san Najeriya ba ya karanta waɗannan layukan kawai. Idan ya kasa faɗa maka fanninka da girman ayyukan da ka taɓa yi, jimlar farko ce ke buƙatar gyara.