Darasi na 7: Me ya sa kwalin ƙasa ke lotsewa?

A nan Kumasi, duk wanda ya taɓa aiki a siton kaya a Aboabo ko Asawase ya san wannan asarar. Mota ta kawo kaya daga Tema lafiya lau, an sauke, an jera. Bayan mako 3 aka zo ɗauka, sai aka tarar kwalayen ƙasa sun yi tumbi, kusurwarsu ta naɗe, timatirin leda ya fashe ya ɓata na kusa da shi. Yawanci 'yan dako ake ɗora wa laifi. Sau da yawa kuwa ba su da laifi, jerin ne aka yi ba daidai ba.

Ina ƙarfin kwali yake?

Ɗauki yankin kwali ka dubi bakinsa. Za ka ga takarda a waje, takarda a ciki, a tsakiyarsu kuma wata mai lanƙwasa kamar kwanon rufi. Wannan lanƙwasar ita ce ƙashin kwali. Idan ramukanta suna tsaye, sama zuwa ƙasa, kwalin zai ɗauki nauyi. Idan aka kwantar da shi a gefensa, ramukan sun kwanta ke nan, sai ya lotse nan da nan. Shi ya sa ake zana kibiya 2 masu kallon sama a jikin kwali. Ko ba ka gama iya karatu ba, kibiyar ta gaya maka inda saman yake.

Sannan ƙarfin ba ko'ina yake daidai ba. Kifa kwali marar kaya, ka danna tsakiyar samansa da tafin hannu, zai lotsa. Danna kusurwarsa, za ka ji ta tsaya ƙyam. Kusurwoyin nan 4 su ne ginshiƙan kwali, kuma su ke ɗauke da mafi yawan nauyin da ke kansa.

Falet da awonsa

Falet shi ne katakon da ake jera kwalaye a kansa don motar ɗaga kaya ta cicciɓe su gaba ɗaya. Iri 2 za ka fi gani. Na Turai tsawonsa santimita 120, faɗinsa 80. Ɗayan kuma 120 ne da 100. Kada ka yi awo da ido. Tef ɗin tela ya isa.

Mu ce kwalinmu tsawonsa santimita 40 ne, faɗinsa 30. A kan falet mai 120 da 80, idan ka bi tsawon falet da gefen 30, kwali 4 za su shiga, domin 30 sau 4 shi ne 120. Layi 2 na 40 kuma sun cika 80 cif. Kwali 8 ke nan a hawa ɗaya, babu wanda ya leƙo waje. Idan ka juya su, 6 kaɗai za su zauna daidai, wurin da ya rage santimita 20 ne. A nan ne yaron sito yake cewa, "Hajiya, bari in ƙara layi ɗaya, ai kaɗan ne zai fito." Santimita 10 ne za su fito, kuma wannan kaɗan ɗin shi ne kusurwoyi 2 na kowane kwalin layin. Suna reto a iska, babu katako a ƙarƙashinsu. Kwalin da aka bar wa ginshiƙi 2 cikin 4 ba zai kai ko'ina ba.

A falet mai 120 da 100 kuwa, kwali 10 ke shiga: layi 2 masu kwali 3, sai layi 1 mai kwali 4 a juye. Ka kuma duba tazarar da ke tsakanin katakan falet. Idan kusurwar kwali ta faɗa kan rami, shimfiɗa buɗaɗɗen kwali mai kauri kafin ka fara jeri.

Jerin ginshiƙi da jerin bulo

Jeri iri 2 ne. A jerin ginshiƙi, kowane kwali yana zama kan ɗan'uwansa daidai, kusurwa kan kusurwa, nauyi ya sauka tsaye har katako. A jerin bulo, ana sarƙa su yadda birkila ke sarƙa bulo. Mutanenmu sun fi son na bulo, kuma suna da hujja: ba ya saurin rushewa idan mota ta faɗa rami. Amma fa yana ɗora kusurwar na sama a kan tsakiyar na ƙasa, wato wurin da ya fi rauni. Kwali kan rasa kusan rabin ƙarfinsa ta haka.

Abin da ke cikin kwalin shi zai raba gardama. Gwangwani yana ɗaukar nauyi da kansa, don haka jerin bulo ba ya cutar da kwalin madarar gwangwani sosai. Timatirin leda da biskit ba sa ɗaukar komai, kwali kaɗai ke kare su. Irin waɗannan, a yi hawa 3 ko 4 na ƙasa jerin ginshiƙi, a sarƙa na sama inda nauyi ya yi sauƙi, sannan a naɗe duka da leda mai miƙewa. A fara naɗin daga jikin katakon falet, don kayan su zama abu ɗaya da shi.

Mu yi lissafi

Kwalin timatirin nan mu ce kilo 12 ne, an jera hawa 6. Na ƙasa yana ɗauke da 5, wato kilo 60. Kada ka ce kwalin da ya jure kilo 60 a masana'anta ya wadatar. A can sabo ne, busasshe, kuma ɗan lokaci aka danna shi. A sito zai yi makonni da kaya a kansa, takarda kuwa tana gajiya. Da damina kuma tana shan danshin iska ko ruwa bai taɓa ta ba, har ƙarfinta ya ragu da kusan rabi. Jerin da ya tsaya lafiya da hunturu zai iya durƙushewa a watan Yuni. Saboda haka masu haɗa kwali ke ninka lissafin sau 4 ko 5. Kilo 60 sau 5 shi ne 300, kuma kwalin da zai jure wannan za ka nema.

To, idan wuri ya yi kaɗan aka ɗora wani falet a kan na farko fa? A falet mai 120 da 100, hawa 6 masu kwali 10 kwali 60 ke nan. Kwali 60 masu kilo 12 sun zama kilo 720, ga nauyin katako kamar kilo 25. Raba wa kwalaye 10 na hawan ƙasa, kowanne ya sami ƙarin kusan kilo 75. Daga 60 ya koma 135. Wannan aikin kwali mai bango 2 ne, wanda idan ka dubi bakinsa za ka ga lanƙwasa hawa 2. Ni dai ban yarda a yi wa mai bango 1 haka ba, ko na kwana ɗaya.

Girman kwalin ma ya dace da kayan. Idan akwai fili tsakanin kaya da murfi, murfin zai nutse, bangon ya naɗe ciki. Idan an cusa fiye da kima, ya yi tumbi tun kafin a ɗora masa komai.

Alamun da za ka duba

Kowace safiya ka tsuguna ka dubi hawan ƙasa. Cikin kwali ya turo waje? Akwai layin naɗewa kusa da kusurwa? Jerin ya karkata gefe? Ka taɓa: kwali mai lafiya yana da tauri, wanda ya sha danshi laushi gare shi kamar tsumma. Da ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, rage hawa 2 a ranar, ka janye jerin daga jikin bango, kwalayen da suka fara laushi kuma su ne za a fara sayarwa.

Aikin gida

1. Auna kwali 1 a wurin aikinka, ka rubuta tsawonsa da faɗinsa. Guda nawa za su shiga falet mai 120 da 80 ba tare da wani ya leƙo ba?
2. Kwali mai kilo 15 an jera shi hawa 5. Kilo nawa na ƙasa ke ɗauke da shi? Ninka amsar sau 5.