Darasi: Takardar da Makaranta Ke Aiko wa Iyaye Kafin Fita Ziyara

Idan makaranta za ta fita da ɗalibai ziyarar ilimi, takan aiko wa iyaye takarda kwanaki kaɗan kafin ranar tafiya. Yawanci takardar kashi biyu ce: na sama bayani ne da zai zauna a gida, na ƙasa kuma takardar izini ce da ake cikewa a yanke a mayar wa malami. Ga misalin kashin sama:

"Zuwa ga iyayen ɗaliban aji huɗu. Muna sanar da ku cewa za mu kai ɗalibai gidan adana kayan tarihi ranar Laraba. Mota za ta tashi daga makaranta da ƙarfe 7:30 na safe, ta dawo da ƙarfe 3:00 na yamma. Ɗalibai 40 ne za su tafi tare da malamai 4. Kowane ɗalibi ya zo da kayan makaranta, da takalmi mai rufe ƙafa, da abincin rana da ruwan sha. A dawo da takardar izini ranar Litinin. Wanda bai dawo da ita ba, ba za a tafi da shi ba."

A lura cewa ranaku biyu ne a ciki, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure, domin ido yakan tsaya kan Laraba ya tsallake Litinin, alhali Litinin ce ranar da ta fi shafar iyaye. Lissafin mutanen ma yana da amfani, domin idan aka raba ɗalibai 40 ga malamai 4, kowane malami yana da yara 10, waɗanda zai ƙirga kafin mota ta tashi, da bayan an sauka, da kuma kafin a juyo gida. Idan takarda ba ta faɗi yawan manyan da za su raka yaran ba, ko babu lambar wayar malamin da ke jagorantar tafiyar, hakkin iyaye ne su tambaya kafin su sa hannu.

A takardar izini ana rubuta cikakken sunan yaro da ajinsa, da sunan uba ko uwa ko mai riƙonsa, da lambar wayar da za ta kasance a kunne ranar tafiyar, sannan a sa hannu da kwanan wata. Wanda bai iya sa hannu ba tukuna ya nemi a karanta masa takardar duka, ya kuma tambayi malami ko zai iya dangwala yatsa. Layin da bai kamata a bari fayau ba shi ne na lafiya. Idan yaro yana da asma, ko sikila, ko farfaɗiya, ko akwai abincin da jikinsa ba ya karɓa, a rubuta a fili tare da sunan maganinsa da lokacin shansa, a kuma damƙa maganin a hannun malami. Wasu iyayen sukan ɓoye irin wannan don gudun kada a bar yaron a gida, amma ɓoyewar ce ke barin malami cikin duhu idan ciwo ya tashi a hanya. Idan babu wata lalura, a rubuta "babu", don malami ya san ba mantuwa aka yi ba.

Kayan makaranta suna sa malami ya hango yaransa a cikin jama'a, shi ya sa ake nanata su. Takalmi kuwa gara wanda ƙafa ta saba da shi, domin sabo yana iya sa ƙafa ta yi bororo kafin rana ta yi tsaka. Yana da kyau a sa wa yaro 'yar takarda a aljihu mai ɗauke da sunan makaranta da lambar malami, a kuma koya masa cewa idan ya rabu da 'yan ajinsa ya tsaya inda yake, ya nemi ma'aikacin wurin.

Abincin rana yana bukatar lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a bar dafaffen abinci a waje fiye da awa 2, domin ƙwayoyin cuta suna saurin yaɗuwa a ɗumi tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyas. Abincin da aka sauke da ƙarfe 6:00 na safe aka ci da ƙarfe 1:00 na rana ya yi awa 7 a jaka, kuma ba lallai ne ƙanshinsa ya canza ba ko da ya lalace. Saboda haka a zuba shi da zafinsa a kula mai riƙe zafi, ko kuma a zaɓi busasshen abinci da 'ya'yan itace masu ɓawo, tare da gorar ruwa mai murfi da aka rubuta sunan yaron a jikinta.

Aikin yi: Kowa ya kwafe takardar misalin a littafinsa, ya ja layi ƙarƙashin ranaku biyun da lokutan tashi da dawowa, sannan ya rubuta takardar izini ta yaron da ke da asma, wanda zai tafi da abin shaƙarsa.