Kurakuran da aka fi yi wajen sa wa rubutu motsi a PowerPoint

Duk lokacin kare furojet sai ɗalibai su kawo mini shafukansu in duba, kuma kusan kullum ciwon ɗaya ne. Layin farko ya faɗo daga sama, na biyu ya yi ta juyi, na uku ya shigo da tsalle. Malaman da ke zaune suna kallon wasan, ba mai jin abin da kake faɗa.

Amfanin motsi ɗaya ne a wurina: ya ɓoye batu na uku har ka gama bayanin na biyu, don kada mutane su riga ka karantawa. Wannan kuwa Appear ya ishe shi, ko Fade idan kana son ɗan laushi. Zaɓi akwatin rubutun, shiga Animations, danna Appear, sannan a Effect Options ka ɗauki By Paragraph. Layi huɗu, dannawa huɗu. Bounce da Swivel ka bar wa bikin suna.

Wanda ya taɓa kunyata ni shi ne barin na'ura ta riƙe mini lokaci. A wani taron horaswa na sa After Previous a kowane layi, wai don in huta da dannawa, ga shi daren jiya na gwada Rehearse Timings, mai auna lokacin da ka ɗauka a kowane shafi, da ya tambaya ko ya adana lokacin na amsa Yes ban karanta ba. Ina tsakiyar batu na farko wani dattijo ya ɗaga hannu. Kafin in gama ba shi amsa, layukan nan biyar sun fito, shafi ya wuce, na gaba ma ya wuce. Na koma baya, ya sake gudu. Mutane suna ta dariya, ni kuwa gumi kawai nake sharewa. Don Allah, wa ya gaya maka za ka yi magana a gaban jama'a daidai da daƙiƙoƙin da ka yi kai kaɗai a ɗaki? Tun ranar, kowane motsi nawa On Click ne. Nakan buɗe Animation Pane in bi su ɗaya bayan ɗaya, in shiga Slide Show in cire alamar Use Timings.

Sauya shafi ma haka. A Transitions, Fade guda ɗaya, Apply To All, an gama. Vortex da Curtains cin lokaci suke yi, tsohuwar kwamfutar zauren taro kuma sai ta riƙa sarƙewa.

Sauti kuwa, bar shi a No Sound.

Kada kuma ka wuce gona da iri ka ɓoye komai. Jadawalin da ake son a kwatanta alƙalumansa, fito da shi gaba ɗaya. In kuma ka ɗora hotuna kan juna don su fito bi da bi, ka sani ranar da aka ce ka turo PDF motsin ba ya bi, na saman ne zai rufe sauran. Ni kowane hoto shafinsa nake ba shi.